Stop-Market ko Stop-Limit: wanne ya fi tsare dukiya idan farashi ya ruguzo?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Garwa. Na sayi wani kuɗin kirifto guda 500 a kan dala 10 kowanne, na sa odar Stop-Limit na kwanta. Da asuba na tarar farashi ya sauka zuwa dala 7, kuma mafi yawan kayana suna nan ba a sayar ba. Abokina na Marwa kuwa Stop-Market yake sawa, shi kuma kukansa shi ne an taɓa sayar masa can ƙasa da inda ya sa, bayan 'yan mintoci farashi ya dawo. To wanne ne daidai, kuma ina tsaron da aka ce waɗannan odoji suna bayarwa?

Amsa: Ina amsa gaisuwa, ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Odojin nan biyu duk sun yi aikin da aka gina su a kai, ba wadda ta lalace kuma ba wadda aka yi wa maguɗi. Kowacce alkawari ɗaya tak take ɗauka. Stop-Market tana yi maka alkawarin za ka fita daga kasuwa, amma ba ta faɗa maka a kan nawa ba. Stop-Limit tana yi maka alkawarin ba za a sayar da kayanka ƙasa da farashin da ka yanke ba, amma ba ta ce lalle za a sayar ba. Ranar da kasuwa ke tafiya a natse ba a ganin wannan bambanci, domin duka biyun suna cika kusa da inda aka sa su, sai ranar da farashi ke gudu ne kowacce take nuna ɓangaren da ta bari a buɗe.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, lambar da ka rubuta a gurbin `Stop` ba farashin sayarwa ba ce. Sharaɗi ne kawai na tayar da oda. Kafin farashi ya taɓa wannan lamba, odarka ba ta cikin littafin kasuwa, inda ake jera tayin masu saye da tallar masu sayarwa, tana ajiye ne a na'urar kamfanin da kake ciniki a wajensa, babu mai saye da yake ganinta, kuma ba ta riƙe maka wuri a layi ba. Da zarar farashi ya taɓa lambar sai na'ura ta aika sabuwar oda zuwa littafin, kuma a nan hanyoyin biyu suke rabuwa. A Stop-Market odar da ake aikawa tana cewa a sayar nan take ga duk wanda ya taya, ko nawa ya taya. A Stop-Limit kuwa odar tana cewa a sayar a kan farashin `Limit` ko sama da shi, idan babu mai saye a nan to a jira. Kamar ka bar wa dillali sa ne a kasuwar shanu ka yi tafiya: ko dai ka ce masa idan kasuwa ta karye ya sallama wa duk wanda ya taya, ko ka ce kada ya sallama ƙasa da kaza. A na farko za ka dawo ka tarar da kuɗi, wataƙila ba yawan da ka yi zato ba. A na biyu kana iya dawowa ka tarar da sanka a ɗaure, kasuwa kuma ta ƙara faɗuwa.

Bari mu bi lissafin da kayanka, domin a cikin lambobi ne maganar take fitowa fili. Guda 500 a kan dala 10 sun kama dala 5,000. Mu ƙaddara dala ɗaya sefa 600 ce don sauƙin lissafi, ka ga jarin ya zama sefa miliyan 3. Tunda ba ka faɗi lambobin da ka sa ba, mu ɗauka ka sa `Stop` a 9.50, `Limit` kuma a 9.40. A zuciyarka asarar da ka amince da ita ita ce rabin dala a kan kowane guda, wato dala 250, ko sefa 150,000.

Yanzu ka dubi ɓangaren masu saye na littafin a daidai daƙiƙar da odarka ta isa. A rana ta yau da kullum za ka tarar da dubban guda ana nema a 9.49 da 9.48, kayanka su shige ba tare da farashi ya motsa ba. Amma lokacin ruɗani manyan 'yan kasuwar da ke cika littafin da tayi, waɗanda akasari na'urori ne ke yi musu aiki, suna janye tayinsu cikin ƙiftawar ido, domin ba wanda yake son ya sayi abin da zai ƙara faɗuwa bayan daƙiƙa guda. Sannan ba kai kaɗai ka sa oda a 9.50 ba, lamba ce mai sauƙin tunawa, mutane da yawa sun zaɓe ta, kuma odojinsu sun tashi tare da taka, wasu ma sun riga ka shiga. Mu ce abin da ya rage lokacin da ka iso shi ne mai neman guda 60 a 9.48, mai neman 90 a 9.40, mai neman 150 a 9.10, sai kuma masu neman ɗaruruwa a 8.60.

Da Stop-Market ka sa, odar za ta bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya har kayan su ƙare: 60 a 9.48, 90 a 9.40, 150 a 9.10, ragowar 200 kuma a 8.60. Jimillar kuɗin da zai shigo ta kusa dala 4,500, wato matsakaicin farashinka dala 9. Asarar ta zama dala 500, sefa 300,000, ninki biyu na abin da ka shirya wa. Wannan tazara da ke tsakanin inda oda ta tashi da inda ta cika ita ce zamewar farashi, kuma ita ce ta sami abokinka. Abin yana da ciwo, amma ka lura da cewa maganar ta ƙare a nan: kuɗinka sefa miliyan 2 da dubu 700 suna hannunka, duk abin da kasuwa za ta yi daga baya bai shafe ka ba.

Da Stop-Limit kuwa, odar za ta ɗauki 60 na 9.48 da 90 na 9.40, ta sami kusan dala 1,415, sannan ta tsaya cak, domin mai saye na gaba yana 9.10, ƙasa da iyakar da ka yanke. Ragowar guda 350 sai su koma tallar sayarwa a 9.40, suna zaune a littafi suna jiran mai saye, alhali ciniki ya riga ya sauka ƙasa da su. Idan gari ya waye farashi yana dala 7, ƙimar waɗannan 350 ta zama dala 2,450, ka haɗa da abin da aka sayar ka sami kusan dala 3,865. Asarar ta kai dala 1,135, sama da sefa 680,000, kuma har yanzu ba ta rufe ba, tunda kayan suna hannunka kuma ba abin da ya hana su kai dala 5.

Akwai wani ɓangare na Stop-Limit da masu yabonta ba su cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ya fi kamata ka yi tunani a kai. Ana cewa amfaninta shi ne idan faɗuwar ta ɗan lokaci ce, farashi ya dawo, to ka tsira da kayanka. Ba haka abin yake ba. Odar da ta tashi ba ta komawa barci. Tana nan a 9.40 a matsayin tallar sayarwa. Idan farashi ya juyo yana hawa, da ya iso 9.40 za a saye ragowar 350 ɗin, ya wuce zuwa 9.80 ko 10.50 ba tare da kai ba. A wannan yanayi jimillar abin da ka samu ta kusa dala 4,705, asararka dala 295. Saboda haka ka auna ɓangarorin biyu da kyau. Idan farashi ya dawo, Stop-Limit ta cece ka daga asarar kimanin dala 205 idan aka kwatanta da Stop-Market. Idan bai dawo ba, ta jawo maka ƙarin dala 635 zuwa wayewar gari, kuma ƙofar ƙarin asara tana buɗe. Abin da take iya ceto maka yana da iyaka, abin da take iya jawo maka kuwa iyakarsa ita ce jarin gaba ɗaya.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Stop-Market ba ta da nata mugun ranar. Ranar 21 ga Yuni 2017, a kasuwar GDAX ta kamfanin Coinbase, wani ya aika odar sayar da kuɗin kirifto na ether ta miliyoyin daloli a lokaci guda. Odar ta cinye littafin daga kusan dala 318 zuwa kusan 224, wannan kuma ya tayar da kimanin odoji 800 na tsayar da asara da na rufe masu ciniki da bashi, kowacce tana sayarwa ga duk wanda ya taya, har aka yi ciniki a kan santi 10. Cikin ɗan lokaci farashi ya koma kusa da inda yake. Wanda ya sa Stop-Limit a ranar ya tsira daga wannan mugun farashi, wanda ya sa Stop-Market kuwa an sayar da dukiyarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin ya biya waɗanda abin ya shafa daga aljihunsa daga baya, amma wannan zaɓinsa ne, ba haƙƙi ba ne da za ka dogara da shi a ko'ina. Irin haka ta faru a kasuwar hannun jari ta Amurka ranar 6 ga Mayu 2010, inda aka sayar da hannun jarin kamfanin Accenture a kan santi ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. A can hukumomin kasuwar sun soke cinikin da ya yi nisa da farashin kafin ruɗanin da kashi 60 cikin ɗari ko fiye, amma wanda aka sayar masa da ragin kashi 30 ko 40 cinikinsa ya tabbata. Bayan wani ruɗanin na 24 ga Agusta 2015, kasuwar hannun jari ta New York ta daina karɓar irin waɗannan odoji a wajenta tun daga Fabrairun 2016, ko da yake dillalai suna ci gaba da riƙe su a na'urorinsu don abokan cinikinsu.

Abin lura a misalin GDAX shi ne, faɗuwar ta faru ne a kasuwa ɗaya, saboda littafinta ya yi siriri, yayin da farashin ether a sauran kasuwanni bai yi irin wannan motsi ba. Wannan shi ne yanayin da Stop-Market ta fi cutarwa: kaya marasa yawan ciniki, ko ƙaramar kasuwa, ko sa'o'in da masu saye suka yi ƙaranci. Yanayin da Stop-Limit ta fi cutarwa kuwa shi ne lokacin da wani labari na gaske ya sauya ƙimar kayan, farashi ya tafi kuma ba shi da dalilin dawowa. Matsalar ita ce, a cikin mintin farko dukkansu kamanninsu ɗaya ne a kan allo.

Sai kuma yanayi na uku, wanda babu odar da ke da maganinsa, wato tsallaken farashi. Dattawanmu da suka yi fatauci a Janairun 1994 sun san shi: an kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka wayi gari yana 100, kuma ba wanda ya sami damar canji a 60 ko 75, domin waɗannan farashi ba su taɓa wanzuwa ba. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye ƙa'idar da ya kafa tun Satumban 2011 ta hana yuro sauka ƙasa da 1.20 a kan kuɗin ƙasar. Dubban mutane sun jera odojinsu ƙasa kaɗan da 1.20, suna ganin asararsu ba za ta wuce 'yan ɗigo ba. Cikin mintoci yuro ya faɗi ƙasa da 1.00, kuma a tsakani kusan babu mai saye. Odojin kasuwa sun cika a can ƙasa, masu ciniki da bashi da yawa sun rasa jarinsu har suka koma ana binsu, kamfanin Alpari na Birtaniya ya durƙushe, abokan cinikin kamfanin dillanci na FXCM kuma suka bar masa giɓin kusan dala miliyan 225. Masu iyaka a odarsu ba su fita ba kwata-kwata, kuma farashin ya yi shekaru bai dawo musu ba. Ƙaramin nau'in wannan yana faruwa ga masu cinikin zinariya da kuɗin ƙasashe duk ƙarshen mako, tunda kasuwa tana rufewa daren Juma'a ta buɗe daren Lahadi, kuma duk labarin da ya auku a tsakani yana bayyana ne a farashin buɗewa.

To wanne za ka zaɓa? Ni tambayar da nake fara yi wa mutum ita ce, idan odar ba ta cika ba, me zai faru da kai? Amsar ta dogara da ko kuɗinka ne zalla ko akwai bashi a ciki.

Idan kana ciniki da ninki, wato kamfani ya ara maka ƙarfin saye, hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: odar fita ta zama Stop-Market. Ka ɗauki wancan lissafi, amma a ce dala 1,000 kawai ka ajiye ka buɗe matsayin dala 5,000 da ninki biyar. Kamfanin zai rufe ka da ƙarfi idan farashi ya kusa dala 8, ɗan sama da haka, domin a nan ne jinginarka take ƙarewa. Da Stop-Market ka fita a matsakaicin dala 9, ka tsira da rabin jinginarka. Da Stop-Limit wadda ta cika rabi-rabi, ragowar matsayin zai ci gaba da zubar da jini har na'urar kamfanin ta zo ta rufe shi, ita kuma ba ta san wata iyaka ba, kuma galibi akwai ƙarin kuɗin da ake cira a kan irin wannan rufewa. Ka ga ke nan ƙin sallamawa a 9.10 bai hana a sayar ba, jinkirta sayarwar kawai ya yi zuwa farashi mafi muni. Idan kuma asusunka yana kan tsarin `Cross`, inda dukkan kuɗin da ke cikinsa suke zama jingina, matsayi ɗaya da ya ƙi rufuwa yana iya janye sauran kuɗin duka.

Idan kuwa kayanka ne da ka saya da kuɗinka, babu mai iya tilasta maka sayarwa, sai maganar ta ɗan sassauta. Kaya manya masu yawan ciniki a babbar kasuwa, irin bitkoyin, kuma adadinka ƙarami ne idan aka gwada da littafin, Stop-Market ta wadatar, domin zamewar da za ka gani a yawancin ranaku kaɗan ce. Ƙananan kuɗaɗen kirifto masu siririn littafi su ne wurin da iyaka take da ma'ana, amma iyaka mai faɗi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa `Stop` a 9.50 a sa `Limit` a 9.49 ko ma a 9.50 ɗin, wanda kusan daidai yake da rashin sa oda a ranar da aka fi bukatarta. Aikin iyaka ba shi ne ta samo maka farashi mai daɗi ba. Aikinta ta hana a sayar maka a kan santi 10. A lissafinmu, da ka sa iyakar a 8.50, da dukkan kayan sun fita a matsakaicin dala 9 tamkar Stop-Market, kuma da littafin ya zama fanko har zuwa dala 2, da odar ta tsaya. Wannan tunani ne kasuwar CME ta Chicago ta gina a cikin tsarinta, inda odar tsayarwa ta kasuwa take zuwa da wata tazarar kariya da ba za ta cika a bayanta ba, abin da ya rage kuma ya zauna a matsayin oda mai iyaka.

Faɗin tazarar ba a cinta da ka. Ka buɗe littafin odoji na kayan, ka tara adadin da masu saye ke nema daga sama zuwa ƙasa har ka kai ninki huɗu ko biyar na kayanka, ka ga a wane farashi ka tsaya, ka kuma tuna cewa littafin da kake gani da rana tsaka ya fi wanda za ka tarar lokacin ruɗani kauri. Sannan ka koma jadawalin farashi na minti ɗaya na watannin baya, ka nemo mintocin da farashi ya fi faɗuwa, ka auna tsawonsu. Idan kayan sun saba zubar da kashi 6 ko 8 cikin ɗari a minti guda, tazarar kashi ɗaya ba za ta kama komai ba. Idan kuma ka ga tazarar da ake bukata ta fi abin da zuciyarka za ta ɗauka, to matsalar ba a nau'in oda take ba, kayan da ka riƙe ne suka yi maka yawa.

Wannan batu na yawan kaya ya fi zaɓin oda tasiri, kuma lissafinmu ya nuna haka. Da guda 250 ka riƙe maimakon 500, a cikin wancan littafi dai, Stop-Market za ta sayar da 60 a 9.48, 90 a 9.40, 100 a 9.10, ba za ta taɓa matakin 8.60 ba. Matsakaicin farashi zai zama kusan 9.30, asara kuma kimanin dala 175, wato sefa 105,000, ƙasa da abin da ka ce za ka iya jurewa. Rage kaya da rabi ya rage asarar da kusan kashi biyu cikin uku, saboda ƙarshen oda shi ne yake cika a mafi munin farashi. Shi ya sa nake ba da shawara a ƙaddara cewa asarar ranar ruɗani za ta ninka wadda aka rubuta a takarda, a yanke adadin kaya a kan wannan ƙaddarawa.

Ga shiga kasuwa kuwa, hukuncin juyawa yake yi. Idan kana so ka saya ne in farashi ya haura wani mataki, Stop-Limit ce ta dace, irin `Buy Stop Limit` da ke cikin manhajar ciniki ta MetaTrader 5, domin idan farashi ya tsallake iyakarka odar ba ta cika ba, dama kawai ka rasa, kuɗinka suna nan.

Akwai kuma tambayar wane farashi ne yake tayar da odar, wadda mutane kan tsallake a kan allo. A kasuwannin kirifto masu ninki ana ba ka zaɓi tsakanin `Last Price`, wato farashin cinikin ƙarshe a wannan kasuwa, da `Mark Price`, wanda ake lissafawa daga farashin kasuwanni da yawa. Na farko yana tashi da wuri, amma ɗan tsinin faɗuwa na kasuwa ɗaya yana iya tayar da shi a banza. Na biyu ya fi natsuwa, sai dai lokacin da zai tashi littafin da za ka sayar a ciki yana iya riga shi sauka. A MetaTrader, `Stop Loss` na wanda ya saya yana tashi ne da farashin `Bid`, wato wanda masu saye suka taya, na wanda ya sayar kuma da `Ask`, wato wanda masu sayarwa suke nema, kuma yana cika ne a farashin da aka samu, wato ɗabi'arsa ta Stop-Market ce. Tunda jadawalin galibi `Bid` yake nunawa, mai matsayin sayarwa yana iya ganin an rufe shi alhali layin bai taɓa lambarsa ba. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ce ta buɗe. Hakan ya fi faruwa lokacin sauyin ranar ciniki, ƙarfe biyar na yamma a New York, wato goma ko sha ɗaya na dare a agogonmu gwargwadon lokacin shekara, da kuma lokacin manyan sanarwa. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci yake fita Juma'ar farko ta wata, yana zuwa ne ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu da rabi na rana a nan Kamaru da Chadi, daidai lokacin da mutum yake masallaci ko yake hanyar dawowa. Wanda ya san ba zai iya duba waya a wannan sa'a ba, gara ya rage matsayinsa ko ya rufe tun da hantsi.

Wannan ya kawo mu ga yanayinmu na nan, wanda a wajena yana da nauyi a cikin zaɓin. Odar da ka riga ka sa tana zaune a na'urar kamfani, za ta tashi ko wayarka tana kashe. Amma Stop-Limit oda ce da ke bukatar mai ita ya kasance a kusa, saboda idan ta tashi ba ta cika ba, sai mutum ya yanke shawara ta biyu da hannunsa. Wanda yake zaune gaban allo da intanet mai ƙarfi yana iya yin haka cikin daƙiƙoƙi. Wanda zai kwanta barci, ko yake kan hanyar Garwa zuwa Ngaundare inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko wayarsa ta mutu saboda an ɗauke wuta, ba shi da wannan dama, kuma manhajojin kansu sukan yi nauyi a daidai lokacin da kowa ke rububin shiga. Idan dole ne ka bar Stop-Limit cikin dare, ka haɗa ta da ƙararrawar farashi a daidai lambar `Stop`, wadda za ta iya tashinka.

Game da halin da kake ciki yanzu, ka fara buɗe tarihin odoji ka tabbatar da abin da ya faru. Idan ka ga odar ta tashi kuma an rubuta `Partially Filled`, ko ka tarar da ita a cikin `Open Orders` a kan farashin iyakarka, to abin da na bayyana ne ya auku. Idan kuwa ba ta tashi ba sam, ka duba wane farashi ka zaɓa ya tayar da ita; idan an ƙi karɓarta, sau da yawa dalilin shi ne wata odar ta riga ta riƙe kayan. Ka sani cewa muddin tsohuwar odar tana buɗe, ragowar kayan a kulle suke, ba za ka iya sayar da su ba sai ka soke ta, kuma idan ka bar ta ka manta, za ta sayar da su a kan tsohuwar iyakar duk ranar da farashi ya dawo wurin, ko da a lokacin ra'ayinka ya sauya. Bayan ka soke ta, ka ajiye dala 10 da ka saya a gefe, ka tambayi kanka ko da kuɗi ne a hannunka yau za ka sayi wannan kaya a kan dala 7. Idan amsar a'a ce, ka sayar kashi-kashi da oda mai iyaka kusa da farashin da ake ciki yanzu, tunda kasuwa ta lafa kuma littafin ya sake cika. Idan amsar e ce, ka yanke adadin da za ka ci gaba da riƙewa, ka sa masa sabuwar odar fita wadda tazararta ta fito daga littafin da jadawalin minti ɗaya.